Kashi Na Uku

Ranar Asabar ce, an kwana ana ruwa, hanyar gaban shagonmu na walda a Tudun Wada duk taɓo. Mu arba'in ne a ƙungiyar masu walda, kowa yana zuba dubu ɗaya duk mako. Baba Kailani, wanda ya fi kowa daɗewa a sana'ar, shi ne ma'aji.

Tsarinsa bai taɓa canjawa ba. Cikin dubu arba'in ta mako, ashirin da huɗu ta taimako ce: asibiti, suna, rasuwa. Huɗu ta hidimar taro. Sha biyu kuma takan tafi banki, ba a taɓa ta sai da hannun mutum uku.

Wannan kashi na uku shi ne ya tsaya mini a rai. Shekara biyu ana tara shi, ya haura miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, ni kuwa ina son injin walda nawa na kaina. A taron ƙungiya na ranar Asabar ɗin na miƙe na ce a raba.

"Auwal, zauna," in ji Baba Kailani. "Kai ko ƙarfe ba ka bari ya huce."

Aka yi dariya. Ogbonna, mai sayar mana da ƙarfe, wanda shi ma yake zubi tare da mu, ya ce, "Baba, a ba shi rabonsa ya sayi inji, mu ga wa zai haɗa masa waya." Mutum tara kawai suka goyi bayana.

Bayan mako uku, wayar lantarki ta tsinke a Kwangila, ta faɗa kan rumfar da mutanenmu huɗu suke haɗa ƙofar gida. Har da yayana Isiyaku. Asibiti suka ce aikin ƙafarsa kaɗai dubu ɗari huɗu ne, kafin gobe. Asusun taimako kuwa dubu saba'in ya rage a ciki, domin watan an yi suna biyu da rasuwa.

Na sami Baba Kailani, na kasa ɗaga kai. Sai ya fito da wani tsohon littafi. Shekara goma sha ɗaya yana rubuta duk abin da ya sami 'yan ƙungiya. Ya nuna mini shafi biyu da ya ja wa layi.

"Sau biyu ke nan masifa tana zuwa mana a dunƙule. Zubin mako na ɗaukar mutum ɗaya. Huɗu fa?"

Na tsaya ina kallon rubutun. Mutumin da nake gani kamar mai riƙo ne kawai, ashe ranar nan yake jira tun ina makaranta.

Kafin azahar mutum uku sun sa hannu. Aka biya wa duka huɗun.

An kashe dubu ɗari tara da hamsin daga ajiya. Rumfa ɗaya ta ƙone, da injin walda biyu. Isiyaku ya rasa yatsun ƙafa biyu, ƙafar tana nan.