Kason Shugaban Masu Walda

Ranar da za a raba ribar kamfani, kowa a masana'antarmu ya zo aiki da fara'a ban da ni. Ƙofofin ƙarfe muke ƙerawa, mu talatin ne, kuma wannan ne karo na farko da mai kamfani ya ce zai ɗan tsakura mana daga abin da aka samu. Ni kuwa tun da na ji cewa gwargwadon albashi za a raba, na san asirina na iya tonuwa, domin ƙanina Auta direba ne a wurin, kuma wata goma sha biyar ina yi masa ƙarya a kan albashina.

Ga yadda abin yake. Innarmu ta yi fama da ciwon ƙoda. Ni da Auta muka yi alkawari kowa zai ba da rabin albashinsa don wankin ƙodarta. Nasa dubu ɗari ne, nawa dubu ɗari da hamsin. Da aka naɗa ni shugaban masu walda sai aka mayar da nawa dubu ɗari biyu da hamsin, na ɓoye wa Auta, na ce masa suna kawai aka ba ni. Rarar na riƙa zubawa a sayen wani fili. Na ce wa raina ɗaki zan gina wa Inna a ciki, kuma har yau ina jin kunyar yadda na yarda da kaina. Wanki ɗaya dubu ashirin da biyar ne. Likita ya ce sau biyu a mako, mu kuma biyar a wata muke iyawa. Wata uku ke nan da rasuwarta.

Aka tara mu a rumfar fenti. Manaja ya tsaya gaban allo, Akawu mai tabarau na gefensa rungume da fayil kamar jariri.

"Abin da aka ware miliyan shida ne," in ji Manaja. "Albashinku duka na shekara, in an haɗa, miliyan sittin. Shida cikin sittin, ɗaya cikin goma ke nan. Kowa ya ɗauki albashinsa na shekara ya raba goma, kasonsa ke nan."

Akwai wani ɗan lodi da muke kira Buhu, ƙato, mai saurin hannu, wanda tuni ya yi nasa lissafin: miliyan shida a raba wa mutum talatin, dubu ɗari biyu kowa. Har ya yi cinikin firiji a kai. Albashinsa dubu sittin ne, kasonsa ya tashi dubu saba'in da biyu.

"Wato mai yawa a ƙara masa, mu da bayanmu ya karye a ba mu ɓawo?" Ya yi ƙafa da gwangwanin fenti, ja ya malale a ƙasa. "To a karanto na kowa mu ji! Wa ya san abin da wannan mai tabarau ya rubuta wa kansa?"

"Albashin mutum sirrinsa ne," in ji Akawu.

Bai rufe baki ba Buhu ya shaƙe shi, ya fizge fayil ɗin. Tabarau ya faɗi, wani ya taka. Ni na fara kai wa Buhu naushi a kunne. Daga baya mutane suka yi ta yaba mini wai na kare mai rauni. Akawu bai dame ni ba ko kaɗan, takardar nake so.

Buhu ya juyo ya ɗaga ni sama ya maka ni da teburin yanka. 'Yan lodi suka yi kan masu walda, kujeru suka fara tashi sama, Manaja ya shige ofis ya danna sakata. Ina kwance Buhu ya ɗauko guntun bututu zai sauke mini a ka, sai ga Auta. Ya tare da hannunsa na hagu, na ji ƙarar ƙashi.

"Yayana za ka kashe?" Ya sa goshi ya fasa wa Buhu hanci. Buhu ya durƙusa yana tarar jini da tafin hannu.

Takardun sun watse cikin fenti. Auta ya sunkuya, hannu ɗaya na lilo, ya fara tattara wa Akawu su, don shi haka Allah ya yi shi, ba ya iya ganin kayan mutum a ƙasa. Na yunƙura in riga shi, haƙarƙarina ya ƙi. Ina kallo idonsa ya tsaya a layi guda.

"Yaya, sun yi kuskure a naka," ya ce. "Dubu ɗari da tamanin ya kamata. Sun sa ɗari uku."

Har dariya ya ɗan yi. Ya miƙa wa Akawu takardar. Akawu ya kawo ta dab da hancinsa, kuma da yake mutum ne da ba ya jure a ce ya yi kuskure, ya ce, "Babu kuskure. Dubu ɗari biyu da hamsin sau goma sha biyu, miliyan uku. A raba goma."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka ba shi shugabanci. Wata goma sha biyar."

Auta bai yi boko mai zurfi ba, amma shekara biyu yana ƙirga kuɗin asibiti a bayan rasit. Na ga leɓensa na motsi.

"Dubu hamsin a wata," ya ce a hankali. "Wanki biyu. Wata goma sha biyu Inna tana raye." Ya dube ni. "Ashirin da huɗu, Yaya."

"Auta, tsaya ka ji, fili ne na—"

Takalminsa ya same ni a baki. Haƙorana biyu suka zube. Ya hau ƙirjina da gwiwa, ya riƙa dukana da hannun da ya rage masa, yana ƙirgawa da ƙarfi. Ɗaya. Biyu. Uku. Masu walda suka taso, na ɗaga musu hannu su bari. Ba jarumta ba ce, so nake ya kai ashirin da huɗu ko zan ji an rage mini wani abu. Idona na dama ya rufe a na bakwai. Jini ya cika mini maƙogwaro ina haɗiya.

A na goma sha ɗaya ya tsaya. Yana haki, hawaye da majina sun haɗe masa.

"Babur ɗina na sayar saboda wankin Inna," ya ce. "Na zo na faɗa maka, ka dafa kafaɗata ka ce Allah ya yi mini albarka. Ƙafarta ta kumbura har zane ba ya rufewa, tana ce mini kada in matsa maka, wai Yayanka ya yi iya ƙoƙarinsa, ga iyali."

"Ƙarasa," na ce masa. "Don Allah ƙarasa."

Ya tashi daga kaina. Ya goge hannunsa a rigarsa, ya ajiye makullin motar kamfani a kan teburin yanka.

"Sannu, shugaba," ya ce, ya fita yana riƙe da karyayyen hannunsa. Tun da ya fara magana a duniya bai taɓa kirana da wani abu ba sai Yaya.

An kori Buhu, Auta bai dawo ba, ni aka ba ni hutun mako biyu da takardar yabo. Ina kwance a gida wayata ta yi ƙara, kuɗi sun shigo. Dubu ɗari uku cif, Akawu bai rage ko sisi ba. Ban san lokacin da na raba su da dubu ashirin da biyar a raina ba. Wanki goma sha biyu ne.