Kwalbar da Goggo Ta Taɓa

Tun da aka ce cutar zawo da majina tana kashe awaki a ƙauyen gaba, Goggo ta kasa zama wuri ɗaya. Awakinta tara, su ne duk abin da ta mallaka. Ta leƙa turke, ta dawo, ta sake leƙawa. Asibitin dabbobi kuwa tafiyar yini guda ce, malamar da ke zagayowa daga can sai Alhamis.

Ran Litinin da azahar sai ga wani a kan babur yana shelar rigakafi. Maƙwabta suka yi ta jan awakinsu. Surukar Goggo ta shigo da shi har tsakar gida.

"Sannu ɗan nan," in ji Goggo. "Ina ka koyi aikin?"

"Haba Goggo, shekarata goma ina yi."

"Na ji. Ina katinka? In akuya ta rikice gobe, ina zan same ka?"

Ya yi dariya, ya zaro kwalba daga aljihun riga. Goggo ta miƙa hannu ta karɓa, ta ɗora a kumatunta. Ɗumi kamar ƙwan da aka ɗauko ƙarƙashin kaza.

"Yaushe ka haɗa wannan?"

"Da safe."

"Tun safe a aljihu, cikin wannan rana? Malamar nan a cikin ƙanƙara take kawo nata, sai a gabanmu take haɗawa. Hau babur ɗinka, Allah ya kiyaye hanya."

"Goggo, kin zama likita ke nan?" surukar ta ce bayan ya fita. "Kwana uku fa! In cutar ta shigo kafin nan?"

Goggo ta hana awakin fita kiwo, ita ke yankan ciyawa, ita ke ɗebo musu ruwa. Ko atishawa wata akuya ta yi sai ta ruga turke ta duba. Ran Laraba jar akuyar ta ƙi cin dusa. Goggo ta ɗaure ta can bayan rumbu, tana ta faɗa wa kanta ƙila ta yi wauta.

Alhamis malamar ta iso da akwatin sanyi. Kafin ta buɗe shi sai tambaya: wacce ba ta ci, tun yaushe, sun haɗu da awakin waje? Ta auna zafin jar, ta buɗe bakinta ta duba.

"Wannan ta kamu, rigakafi ba ya warkarwa. Zan ba ta abin da zai taimaka mata, kada ta kusanci sauran." Ta yi wa sauran takwas ɗin rigakafi da sababbin allurai, ta rubuta lambarta a takarda. "Su zauna gida sati uku. In wata ta daina ci, kira ni."

Jar ba ta tashi ba. Cikin sati biyu gidajen da suka yi layi gaban mai babur suka fara fitar da mushen awaki, lambar da ya ba su kuma ba ta shiga. Surukar ta zo turke ta tarar da Goggo tana ƙirga da yatsa.

"Takwas ne, Goggo. Ɗazu ma takwas ne."

"Na sani. Riƙe mini wannan in duba hancinta."