Mudu Huɗun da Aka Nema a Turmin Tasalla

Shekara tara Tasalla tana daka wa Alhaji Halliru garin taba a Isa, da shi take ci da marayunta. Haɗin bai taɓa sauyawa ba: mudu takwas na taba, biyu na kanwa, a fitar da tara, ɗaya kuwa rabon turmi ne da rariya. A shekarar da Faransawa suka rufe iyaka, kanwa ta yi wuya, Alhaji kuma ya wayi gari da zargi.

"Mudu ashirin da bakwai na taba kinka ɗauka," in ji shi. "Wajen talatin ya kamata in gani, ga shi ashirin da shida. Ina huɗu? In babu, ki aje taɓarya."

Tasalla ta ji kunya har cikin ƙashinta. Wanda aka kira ɓarawo a Isa, kafin la'asar an ji a Turba.

Maliki mai awo, tsohon da ba ya gaggawa ko da rumfa na ci da wuta, yana zaune a zauren Alhaji. Ya san al'adarta: duk mudun da ta zuba sai ta jefa alama a ƙoƙo, ƙwallon dabino na taba, farin dutse na kanwa. Ya sa ta ɗauko ƙoƙon ta juye a ƙasa. Ƙwallo ashirin da bakwai, dutse uku.

"Alhaji, talatin sunka shiga turmi, kamar kullum. Amma da, ashirin da huɗu na da shida. Wa yar rage kanwa?"

Alhaji ya sosa ƙeya. Shi ya ba ta rabin kanwa da hannunsa, ya ce ta cika turmi yadda ta saba.

"To, taba mai tsada ta zauna gurbin kanwa mai araha," in ji Maliki, ya ware ƙwallo uku gefe. "Waɗanga uku ba su ɓace ba, suna cikin garin. Sauyin haɗi na, kuma naka na. Sai dai talatin kan ba da ashirin da bakwai, anka samu ashirin da shida. Wanga guda ɓarna ta."

Tasalla ta dubi ƙwallon da ya rage. Ta tuna tabarmar tankaɗe da ta huje, ta yi ta cewa gobe za ta ɗinke.

"Wanga nawa na, Baba Maliki. Za ni biya."

Alhaji ya ɗauki taɓaryar ya miƙa mata da kansa.

Godiya ta cika mata ciki, ta rasa ta inda za ta fara. Ranar kasuwa ta kai wa Maliki fura da nono mai kauri. Ya ce ai ƙoƙonta ya yi magana, shi ƙirga kawai ya yi. Ta ce shekara tara ƙoƙon nan yana gindin turmi, ba wanda ya taɓa sunkuyawa ya duba sai shi.