Yoyon Rufi a Gidan Jarrabawa

Shekara biyu bayan fadar Beijing ta soke jarrabawar malamai da ake zaɓen hakimai da ita, Kang Boheng ya ajiye aikin hakimci ya dawo gida. Bai huta gajiya ba ya aika wa abokinsa Dai Wenlu cewa ya shirya, za su Nanjing su ga tsohon gidan jarrabawa. Wenlu ya so ya ƙi. Sau tara yana shiga gidan nan, bai taɓa fitowa da komai ba sai ciwon baya. Amma ya kulle makarantarsa ta ƙauye ya bi shi.

A cikin jirgin ruwa suka yi ta tuna ƙuruciya. Gonar dangi ce ta ciyar da malamin da ya sa su haddace Littattafai Huɗu na magabata, da bulala da ba bulala. Tare suka ci jarrabawar gunduma da ta yanki, har da ta babban mai duba karatu, suka sa shuɗiyar rigar malamai. Daga ranar sun daina durƙusa wa hakimi, ba a kuma sake kiran su aikin tilas ba. Mahaifin Wenlu, mai saƙar tabarma, ya yanka agwagwa ya tara maƙwabta, ya yi ta kukan murna cikin shinkafarsa.

Da suka isa gidan jarrabawar, suka tarar da ƙofar a buɗe, ciyawa har gwiwa. A da, a nan sojoji ke kwance wa mutum kitson kansa, su farke ɗinkin riga, su tsaga gurasa don neman ɓoyayyen rubutu. Ɗakunan suna nan a jere, dubbai, kowanne kamar akurki, ba ƙyaure. Katako biyu ne a ciki, ɗaya tebur ɗaya wurin zama, in barci ya zo a haɗa su a naɗe ƙafa. Bayan kowace shekara uku, da kaka, ake buɗe su. Zama uku ake yi, kowanne kwana uku, kuma in an garƙame babbar ƙofa ko gawa sai ta kan katanga take fita.

Wenlu ya gane layinsa na zuwan farko, ya tsaya. A ɗakin nan ya rubuta maƙala mai ƙafa takwas, wato mai sashe takwas, da har yau bai yi kamarta ba. Yana kammala kwafe ta ruwa ya goce, rufin ya yi yoyo, tawada ta malale a shafi guda. Takardar da ta ɓaci ba ta isa hannun masu duba jarrabawa. Ba a liƙe sunansa an rufe ba, magatakarda ba su kwafe ta da jar tawada don ɓoye hannunsa ba, kamar yadda ake wa sauran. Da shuɗiyar tawada aka rubuta sunansa a bango cikin korarru. Boheng kuwa ya haye, da bazara ya ci jarrabawar birnin Beijing, ya rubuta ta ƙarshe a fada gaban gadon sarauta. Aka kafa sandar tuta a ƙofar gidansu. Da yake doka ta hana mutum mulki a lardinsu, aka tura shi can lardin Gansu mai nisa.

"Yaya Dai, shiga mana mu gani ko har yanzu kana iya naɗewa," in ji Boheng.

"Kai dai da tumbin nan na hakimai, ko ƙofar ba za ta karɓe ka ba."

Suka yi dariya, suka zauna a bakin ɗakin suna cin gyaɗa. Wenlu ya ba shi labarin sauran zuwansa: wata shekara zazzaɓi, wata makokin mahaifi ya hana shi shiga, sauran kuwa ya duba allon sakamako daga sama har ƙasa bai ga kansa ba. Boheng ya ce shi ma bai ci riba duka ba. Shekara talatin yana yanke hukunci ta bakin tafinta, 'ya'yansa sun tashi ba su jin maganar garinsu, mahaifiyarsa kuma sai makokinta ya tarar.

"Kai ka rufe mata ido, Yaya," ya ce a hankali. "Ni takarda aka kai mini."

Wenlu ya ɗaga kai. Yana kallon layukan, yana tuna hayaƙin murhu da warin tawada, da yadda ɗan masaƙi da ɗan gwamna ke shan sauro iri ɗaya. Gidan ya cinye masa ƙuruciya, amma ganin shi kango ya fi faɗuwa jarrabawar yi masa ciwo.

Da suka koma, Boheng ya sayar da wata gonarsa ya buɗe makarantar zamani a zauren dangi, da lissafi da taswirar duniya. Ya roƙi Wenlu ya karɓi darasin tsoffin littattafai. Wenlu ya yi gunaguni wata guda, sannan ya kwashe ɗalibansa ya koma can. Ya koyar har idonsa ya dushe, kullum kuma da la'asar Boheng kan zo su sha shayi su yi gardama.