Taki Ƙasa da Sifiri

Jibril bai fi wata uku da fara aikin rubuta furogiram ba, sai ga kwamfutar wani ofishin rabon taki a Ƙofar Kibo, wadda shi ya rubuta mata furogiram, ta ce buhunan da suka rage a sito −32,536 ne. Ƙasa da sifiri! Mai riƙe da makullin siton kuwa kawunsa ne, Mamman, ga shi gobe kwamitin sojoji zai zo bincike.

Nan ya kwana gaban kwamfutar, janareta na ruri. Ya bi furogiram ɗin layi-layi, bai ga kuskure ba. Har zuciyarsa ta fara zargin Kawu, ya yi maza ya yi a'uziyya.

Gab da asuba ya sa injin ya ƙirga buhunan ɗaya bayan ɗaya yana kallo. Daga 32,767 sai lambar ta kife ta koma −32,768. Ashe ma'ajin lamba na Integer da ya zaɓa a harshen kwamfuta na Turbo Pascal iyakarsa ke nan, in ya cika sai ya juye. Ya mayar da shi LongInt, ma'aji mafi girma, sai ga buhu 33,000 cif, ko ɗaya bai ɓace ba.

Sai ya tuna wani abu. Tun la'asar masinja ya kai wa kwamitin sakamakon farko.

Jibril ya fita a guje da sabon sakamakon, ko takalmi babu.