Tamfol ɗin Alhaji Sagiru

Damina ta kusa, mutanen ƙauyukan Ruma da 'yan bindiga suka kora kuwa suna nan zube a kangaye da rumfunan Batsari. Malam Armaya'u, malamin firamare ne kuma sakataren ƙungiyar 'yan asalin Ruma, kullum sai ya bi ta wajensu in ya taso daga makaranta. Gwaggonsa Hansai tana cikinsu, da jikoki huɗu a ɗakin da rabin rufinsa buhu ne.

Ana haka Alhaji Sagiru ya bugo waya. Ɗan garinsu ne da ya yi arziki a Dubai, ana kuma raɗe-raɗin yana son tsayawa takara.

"Malam, na aiko wa mutanenmu tamfol ɗari huɗu, kyauta, da sunan ƙungiya. Na biya kuɗin kaya, na biya jirgi. Ku dai ku biya ɗan abin kwastan ku ɗauko a Kano. Ranar Asabar ta sama ina tafe, mu raba."

Armaya'u ya yi ta godiya. Ya duba takardun da aka turo masa, ya ga kuɗin kaya dala dubu biyu, wajen naira miliyan uku ke nan. Ya ƙiyasta ko me za a caza ba zai kai miliyan ɗaya ba. Ƙungiya ta yi karo-karo, malamai da ma'aikatan ƙaramar hukuma suka ba da abin da ya sawwaƙa.

Ranar Lahadi ya hau babur zuwa Safana wajen Rilwanu, ejan mai fito da kaya a filin jirgin Kano, wanda yakan zo gida ƙarshen mako. Bayan sun gaisa, an tambayi iyali da mutanen Batsari da yaya aka ji da zaman ɗar-ɗar, Rilwanu ya karɓi takardun. Yana kaiwa ta biyu ya ja tsaki.

"Malam, wa ya ba shi shawarar ya ɗoro tamfol a jirgin sama?"

"Sauri yake yi. Ai ya biya."

"Ya biya kamfanin jirgi, amma ku ya bar muku wutsiyar. Kwastan ba kuɗin kaya kaɗai suke dubawa ba. Abin da kaya suka ci har suka sauka ƙasar nan suke ɗora wa haraji: kuɗin saye, da kuɗin dako, da inshora. Kaya dala dubu biyu, jirgi dubu uku da ɗari tara, inshora ɗari. Dala dubu shida ke nan. A canjin kwastan na yanzu, naira dubu ɗaya da ɗari biyar kowace dala, ya kama miliyan tara."

"To ai kyauta ce."

"Kyauta ma tana da ƙima. Akwai takardar yafe haraji da ake nema a ma'aikatar kuɗi a Abuja, amma tun kafin kaya su taso ake fara bin ta. Ya nema?"

Armaya'u ya girgiza kai.

Rilwanu ya ci gaba yana danna waya. Kuɗin fito na tamfol kashi ashirin cikin ɗari ne, miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas. Ga wasu ƙananan caji, wajen dubu ɗari biyu. Sannan harajin VAT, kashi bakwai da rabi.

"Shi kuma a kan miliyan taran?" in ji Armaya'u.

"Ina! A kan miliyan tara, da kuɗin fiton, da ƙananan cajin, duk a haɗe. Miliyan goma sha ɗaya. VAT ɗinku dubu ɗari takwas da ashirin da biyar. Jimla miliyan biyu da dubu ɗari takwas da 'yan kai, kuma a banki ake biya, babu ciniki. Ban sa ladana ba, ban sa mota ba. Kowace rana kuma kuɗin ajiya na hawa."

Armaya'u ya ture furar da aka kawo masa gefe. Nan take ya kira Alhaji Sagiru, ya zayyana masa komai. Alhaji ya yi dariya.

"Haba Malam! Na yi mai wuyar, ku kasa ƙarashe? In kun bar su suka lalace a can, ni zan gaya wa mutane ƙungiya ce ta hana su."

"Alhaji, da ta ruwa ka aiko, da harajin bai kai rabin haka ba."

"Ta ruwa wata biyu ne. Na riga na gayyaci manyan baƙi. Ka ce wa ejan ɗin ya rage kuɗin jirgin a takarda mana, wa zai sani?"

Rilwanu yana ji. Ya ce lasisinsa ya fi masa tamfol, in kuma aka gano, ƙungiya za a kama, tun da sunanta ne a kai, ba na Alhaji ba.

A taron ƙungiya Armaya'u ya ce a bar kayan, a ɗauki abin da aka tara a sayo tamfol a Katsina. Dattawa suka ƙi. Labari ya riga ya bazu, mata har sun fara rubuta suna, kuma ba a mayar da hannun kyauta baya. Aka sake zagayawa. Wannan karon har cikin 'yan gudun hijirar aka shiga. Armaya'u yana tsaye gwaggo Hansai ta kwance bakin zane ta miƙo kuɗin akuyar da ta tsira da ita daga ƙauye.

"Gwaggo, ki bar shi."

"Karɓi, ɗan nan. Kada a ce ni kaɗai ban sa hannu ba."

Ya karɓa, yana jin kamar ya ɗauki mushe.

Ranar Juma'a motar ta iso Batsari. Armaya'u ya yanka ɗauri na farko da kansa. Wani wari na roba ya buge shi. Ya ɗaga tamfol ɗin sama, sai ga rana tana ratsowa ta cikinsa kamar ledar burodi. A tsakiya kuma ga fuskar Alhaji Sagiru, faɗinta ya kai tabarma, yana murmushi, an rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a ƙasa. Ya buɗe na biyu, ya buɗe na goma. Duk ɗaya.

Direban motar ya murza gefen guda da yatsa, ya taɓe baki. "Wannan ko iskar hadarin farko ba zai sha ba."

Washegari aka kafa rumfuna, aka kawo lasifika. Aka jera matan a rana, kowace an ce ta buɗe nata ta riƙe a ƙirji, masu ɗaukar hoto suna ta kai da kawowa. Mai gabatarwa ya ce Alhaji ya kashe miliyoyi shi kaɗai, bai nemi sisin kowa ba. Armaya'u ya hango gwaggonsa a layi, fuskar Alhaji ta rufe ta daga wuya har gwiwa, tana tafa hannu da ƙyar saboda an ce a tafa.

Aka kira sakatare ya zo ya yi jawabin godiya. Alhaji ya miƙo masa abin magana, turarensa ya cika wurin. Armaya'u ya dubi hannun, bai karɓa ba.

"Ba ni da lafiya, Alhaji," ya ce, ya juya.

Bai tsaya ko'ina ba sai gida. Akwai kwanon rufi guda shida da ya daɗe yana tarawa don ɗakin girkin matarsa. Ya ɗaure su a bayan babur, ya nufi wajen kafinta ya tambaye shi ko zai samu zuwa kangon gwaggo kafin la'asar.