Fitowa ta Shida: Motar Asibiti

Tun da safe aka turo motar asibitin jami'a daga rumfarta zuwa gindin bishiya, mutum biyar suna nishi, don rabonta da tashi wata huɗu ke nan. Aka wanke ta, aka goge tayoyi har suna ƙyalli. Direban motar yana tsaye yana kallo. Shekara ashirin da uku yana jan motocin asibitin nan, bai taɓa ganin an yi wa gawa kwalliya irin ta yau ba.

Bidiyon maraba da sababbin ɗalibai ake ɗauka. An gama da ƙofar shiga, an gama da ɗakin karatu, saura asibiti. Marubuciyar bidiyon, ƙaramar ma'aikaciya ce a ofishin yaɗa labarai, ta miƙo masa takarda da hannu biyu.

"Baba, ga naka. Layi biyu ne kawai."

Ya nisanta takardar da idonsa, ya bi ta da yatsa. Shafin an raba shi biyu: hagu abin da za a gani, dama abin da za a faɗa. A dama an rubuta: "Barkanku da zuwa, 'ya'yana! Duk wanda ciwo ya kama, ya kira lambar nan, minti biyar mun iso." A ƙasa kuma, da ƙananan baƙaƙe, ga umarni ga mai magana: "Da fara'a. Ya dafa mota. Kada a tayar da inji."

"Wannan na ƙasan, wa ya sa shi?"

Ta dubi takalminta. "Oga ne ya ƙara."

Ogan yaɗa labarai yana bayan kyamara, ya kare fuska da fayil saboda rana. "Dattijo, ƙarar inji tana ɓata sauti, shi ya sa."

"Ranka ya daɗe, wace ƙara? Wannan ko tari ba ta yi."

Mai kyamara ya yi dariya, ya haɗiye ta da sauri.

"Ba makanikanci muka zo ba," in ji Oga. "Maraba muke yi wa yara. Wa ke tarbar baƙo da labarin rufinsa na yoyo?"

"Wanda ba ya son baƙon ya jiƙe."

Aka maƙala masa makirfo a wuyan riga. Mai kyamara ya ɗaga hannu ya sauke. Direba ya dubi gilashin kyamarar, sai ya ga ba gilashi ba ne, yara dubu ne da ba su san ko'ina ba. Sabon ɗalibi duk abin da mai furfura ya faɗa masa gaskiya ne. Ɗan ɗakinsu zai faɗi yana kakari, su kira lamba, su zauna suna jiran minti biyar, alhali da sun tari ɗan tasi da tuni sun iso. Kuma fuskar da za su tuna ba ta Oga ba ce.

"Barkanku da zuwa, 'ya'yana," ya ce. "Duk wanda ciwo ya kama, ku ɗauko shi da abin da kuka samu. Kada ku jira ni."

"Tsaya! A sake."

Sau huɗu ana sakewa, sau huɗu yana faɗin abu ɗaya. A na ƙarshe har da kwatancen hanyar asibiti.

Oga ya matso, muryarsa ta yi ƙasa. "Wata nawa ya rage maka ka yi ritaya?"

"Bakwai."

"Kana so ka yi su a inuwa?"

"Yallaɓai, takarda shida na rubuta a kan motar nan. Ba wanda ya amsa ko ɗaya. Yau kuma an tuna ina da baki?"

Oga ya juya ga mai kyamara. "Ɗauke shi a tsaye kawai. Mu ɗora muryar wani a kai."

Nan ran Direba ya ƙarasa ɓaci. Wato a ari fuskarsa a yi ƙarya da bakin wani. Ya cire makirfo ya danƙa wa marubuciya, ya tuɓe farar rigar aiki ya ninke, ya zauna a ƙasa daga shi sai singileti, ya jingina da ƙofar mota daidai kan tambarin asibiti.

"Bismilla, ku ɗauka."

Marubuciya ta ce a hankali, "Oga, ko mu nuna ƙofar asibiti kawai, a faɗi inda take?"

Oga ya fizge takardar, ya ja layi a kan fitowa ta shida, ta motar asibiti, har biro ya huda shafin. Ya juya ya yi tafiyarsa.

Bidiyon ya fita ranar rajista, minti huɗu da rabi. Akwai asibiti, babu mota, babu lamba. Wasiƙar da aka rubuto wa Direba ta riga bidiyon fita da kwana biyu: an mayar da shi motar kwasar shara, saboda rashin ba da haɗin kai.

Matarsa ta sa 'yarsu ta karanta mata har sau biyu. "Malam, da girmanka? Shara?"

Ya karɓi wasiƙar ya cusa a aljihu.

"Ita dai motar sharar tana tashi," ya ce. "Zuba min ruwa in yi wanka."